Daga Pajero zuwa Sabulun Wanka: Yadda Ake Tace Sunan Haja Kafin Ta Ƙetare Iyaka

A shekarar 1982 kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan ya fito da wata jif mai ƙarfin gaske, ya raɗa mata suna Pajero. Mun san ta sarai a ƙasar Hausa, motar sarakuna da 'yan siyasa da masu shiga daji. Waɗanda suka zaɓi sunan sun ɗauko shi ne daga wata kyanwar daji da ke rayuwa cikin dogayen ciyayi a kudancin Ajantina, domin su nuna cewa motar ba ta tsoron rairayi ko kwazazzabo. Asalin kalmar daga Sifaniyanci take, kuma idan ka buɗe ƙamus za ka tarar tana da alaƙa da busasshiyar ciyawa da mai sayar da ita. Babu abin kunya a wannan.

Sai dai mutanen Madrid da Buenos Aires ba da ƙamus suke hira ba. A bakinsu wannan kalma zagi ce ta batsa, ana jifan mutumin da ke biya wa kansa buƙata da hannunsa da ita. Ba magidancin da zai yarda a rubuta masa haka da manyan baƙaƙe a bayan motar da yake kai 'ya'yansa makaranta. Don haka a Sifaniya da mafi yawan nahiyar Amurka sai aka sayar da ita da sunan Montero, wato mafarauci mai hawa tsaunuka, a Birtaniya kuma Shogun. Mota ɗaya, suna uku, kuma kowane suna da nasa tallan da nasa takardun da nasa kuɗin rajista. Birazil, da yake Fotugisanci ake yi a can, ta ci gaba da kiranta Pajero.

Darasin farko na wannan sana'a ke nan. Ma'anar da ke kashe suna ba kasafai take cikin ƙamus ba. Tana tasha, tana majalisar samari, tana cikin zagin da yara suke koya a bayan idon iyayensu. Mai fassara da ya yi digiri a harshen amma bai taɓa zama cikin masu shi ba yana iya duba sunan ya ce lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba gwargwadon saninsa.

Ba Mitsubishi kaɗai ba. Hyundai ta fito da motar Kona a 2017, sunan wani yanki ne a tsibirin Hawaii, amma a Fotugal sai da ta koma Kauai saboda furucin ya yi daidai da wata kalmar batsa. Mu ma da muna da ta cewa, da mun tambaya ko wa zai so motar da Bahaushe zai karanta sunanta ya ji «ƙona». Rolls-Royce kuwa ta yi niyyar kiran motarta ta 1965 Silver Mist, wato hazo mai launin azurfa, sai aka lura cewa kalmar ta biyu a Jamusanci kashin dabbobi take nufi, aka mayar da ita Silver Shadow tun kafin ta fito. Toyota MR2 ma ta rasa lambarta ta ƙarshe a Faransa, domin idan Bafaranshe ya furta baƙaƙen da lambar a jere, abin da ke fitowa ya yi kama da kalmar ƙazanta. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa gajerun baƙaƙe da lambobi ba mafaka ba ne, su ma furta su ake yi.

Mu dubi abin ta ɓangarenmu, don a ga cewa babu harshen da ya fi ƙarfin wannan tarko. A Amurka akwai wani kamfanin abincin karin kumallo mai suna Kashi, wanda Kellogg ya saya a shekarar 2000. Akwai kuma jerin kantuna da gidajen mai masu suna Wawa, waɗanda suka samo sunansu daga wani gari a jihar Pennsylvania. A can ba wanda ya ɗaga kai. A Kasuwar Kurmi kuwa, kwalin abinci mai ɗauke da sunan farko ba zai motsa daga kanta ba. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Bora, motar da Volkswagen ya fitar a 1998, wadda ya sa wa sunan wata iska mai sanyi da ke kaɗawa a gaɓar tekun Adriyatik. A Suwahili wannan kalma «mafi kyau» take nufi, ka ga a Nairobi da Darussalam kamfanin ya tsinci dami a kala. A ƙasar Hausa kuwa bora ita ce matar da miji ya juya wa baya, kishiyar mowa.

Amma a nan ne ake buƙatar natsuwa, domin ba kowace kama ce ke zama illa ba, kuma masu ba da labarin irin waɗannan kurakurai suna yawan ƙara gishiri. Labarin da ya fi yawo shi ne na Chevrolet Nova. Ana cewa wai ta ƙi sayuwa a ƙasashen da ake Sifaniyanci saboda «no va» na nufin «ba ta tafiya». An daɗe ana koyar da wannan a azuzuwan kasuwanci, alhali ba gaskiya ba ne. Motar ta sayu a Meziko da Benezuwela a shekarun 1970, kuma kamfanin man fetur na gwamnatin Meziko, Pemex, ya yi shekaru yana sayar da wani fetur mai suna Nova. Masu harshen suna danna gaɓar farko idan suna kiran motar, suna danna ta biyu idan suna cewa abu ba ya tafiya, saboda haka a kunnensu abubuwa biyu ne daban. Mu ma muna da shaida a gida. Kamfanin takalma na Bata, wanda Tomáš Baťa ya kafa a garin Zlín a 1894, ya yi suna a Najeriya har wata mahadar hanya a Kano ta gāji sunansa. A rubuce ƙugiya ɗaya ce tsakaninsa da «ɓata», amma ban taɓa jin wanda ya ƙi takalmin don tsoron zai ɓace ko zai lalace ba. Bahaushe yana rarrabe b da ɓ ba tare da ya yi tunani ba. A ƙasar Yarabawa ma sa'a aka yi, domin kalmar takalmi a harshensu kusan haka take.

To yaya ake gane kamar da za ta cutar? Ana duba abu uku a tare. Shin mai harshen yana jin mummunar ma'anar nan take, ko sai an nuna masa? Shin ma'anar ta taɓa al'aura, ko najasa, ko addini, ko mutuwa, ko ƙabila? Sannan shin ta ci karo da aikin da hajar take yi? Kashi a kan kwalin abinci ya faɗi a duka ukun. Bora a kan mota tana jawo murmushi da ba'a a tasha, amma wanda ya ga injinta lafiya zai saya. Wanda bai iya wannan awo ba, ko dai ya saki suna mai guba, ko kuma ya yi ta jefar da sunaye masu kyau saboda wani harshe da ba zai taɓa sayar wa masu shi ko allura ba.

Akwai masu kauce wa rigimar baki ɗaya ta hanyar ƙirƙiro kalmar da ba ta da ma'ana a ko'ina. George Eastman ya yi haka a 1888 da ya ƙago Kodak. Yana son baƙin K, kuma yana son suna gajere, mai wuyar kuskurewa a furuci, wanda bai yi kama da komai ba. Kamfanin Japan da ake kira Tokyo Tsushin Kogyo ya ga baƙi ba sa iya faɗin sunansa, sai ya haɗa kalmar Latin mai nufin sauti da wata kalmar Turancin Amurka da ake kiran yaro da ita, «sonny». Akio Morita, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya lura cewa idan ɗan Japan ya karanta kalmar da n biyu zai ji wani abu mai kama da asarar kuɗi. Sai suka cire n ɗaya, aka samu Sony, wanda ya zama sunan kamfanin a 1958. Ƙirƙirarren suna yana da sauƙin rajista da sauƙin karewa a kotu. Tsadarsa ita ce ba ya gaya wa mai saye komai, sai ka kashe kuɗin talla kafin ya cika da ma'ana. Kuma shi ma sai an tace shi, tunda kalmar da kake ganin kai ka ƙago tana iya zama tsohuwar kalma a wani gari.

Daɗin suna a baki ma ba al'amarin sa'a ba ne. Sunayen da suka fi saurin ƙetare iyaka galibi gaɓa biyu ne ko uku, kowace gaɓa baƙi da wasali, babu cunkoson baƙaƙe. Sony, Honda, Toyota, Omo: duk wanda ya ji sau ɗaya zai maimaita. Idan suna ya zo da sautin da harshe ba shi da shi, masu harshen ba sa neman izini, gyara shi suke yi. Hausa ba ta da p da v irin na Turawa, kuma ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali, shi ya sa Peugeot ta zama Fijo, Mercedes ta zama Marsandi, Macleans ya zama makilin har ya rufe kowane man goge baki. Waɗannan sun yi sa'a, gyaran bai kai su wani mugun wuri ba. Amma mai tace suna dole ya gwada sunan yadda kasuwa za ta lanƙwasa shi, ba yadda shi yake furtawa a ofis ba.

Coca-Cola ta ga wannan a Sin a ƙarshen shekarun 1920. Rubutun Sinanci ba baƙaƙe ba ne irin namu, kowace alama tana ɗauke da sauti da ma'ana a tare, kuma harshen yana da karin sauti kamar Hausa. Kafin kamfanin ya tsayar da sunansa, masu kantuna suka riƙa haɗa duk alamun da suka ba da sautin ko-ka-ko-la ba tare da kula da abin da suke nufi ba. Ɗaya daga cikin haɗe-haɗen ya fito da wani abu kamar «ciji talibambam na kaki». Kamfanin ya zauna ya zaɓi alamu huɗu da ake karantawa «kekou kele», masu nufin daɗi a baki da faranta rai, ya yi musu rajista a 1928. Sautin bai zo daidai ɗari bisa ɗari ba, an ɗan sadaukar da shi don ma'ana ta yi kyau, kuma har yau ana kafa misali da wannan zaɓi.

Yanzu mu sauko da maganar ƙasa. A ce wata baiwar Allah a Kano tana haɗa sabulu da man kaɗanya, kasuwa ta buɗe, tana so ta kai shi Legas da Maraɗi da Yamai da Garwa, ta aika wa 'yan uwa a Landan, alhazai kuma su tafi da shi Jidda. Kafin ta zaɓi suna sai ta fara rubuta harsunan da sabulun zai shiga, ba ƙasashe ba. Legas na nufin Yarabanci da Ibo da Turancin buroka. Yamai na nufin Zabarmanci da Faransanci. Garwa na nufin Fulatanci da Faransanci. Jidda na nufin Larabcin titi, wanda ya bambanta da na littafi. A ce kuma ta tara sunaye da yawa, ta tace, saura biyar: Wanka, Fara, Sale, Zaɓi da Haske.

Wanka ya fi kowanne dacewa da sabulu a kunnen Bahaushe. A Landan kuwa furucinsa ya yi daidai da wani zagi da Turawan Ingila suke yi, mai ma'ana ɗaya tak da wadda ta kori Pajero daga Sifaniya. Bayan haka, suna ne da ke bayyana aikin hajar kawai, kuma ofisoshin rajista ba sa son ba mutum ɗaya mallakar kalmar da kowane mai sabulu yake buƙata. Ya faɗi sau biyu.

Fara tana nufin fari da tsabta a niyyar mai sabulun. Amma tun a gida akwai matsala, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka mai karatu zai iya ganin farar da ake soyawa da yaji. A Larabci kuma kalmar ta yi kusa ƙwarai da sunan ɓera. Sabulun ɓera ba zai shiga jakar tsaraba ba.

Sale sunan mahaifinta ne, tana so ta girmama shi. A nan ne zuciya take shiga, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin ba wanda yake son a ce masa sunan mahaifinsa bai dace ba. Amma duk wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi, idan ya ga waɗannan baƙaƙe huɗu a jikin sabulu, «mai datti» zai karanta. Idan ta sa alama a kan wasalin ƙarshe don a furta shi daidai, ya koma «mai gishiri». Gara ta ajiye sunan mahaifin nata a matsayin sunan kamfani, a rubuta shi ƙanana a bayan kwali.

Zaɓi kalma ce mai kyau, sai dai ƙugiyar ɓ ba ta tsira a hanya. Mai buga leda zai ce injinsa ba shi da ita, mai adireshin intanet ba zai karɓe ta cikin sauƙi ba, dillalin Jidda bai ma san da ita ba. Abin da zai rage ya yi kusa da wata kalmar batsa ta Larabcin titi mai nufin al'aurar namiji, wadda ta shiga har bakin matasan Faransa. Duk sunan Hausa mai ɓ ko ɗ ko ƙ, a gwada shi tsirara ba ƙugiya, domin haka duniya za ta gan shi.

Saura Haske. Gaɓa biyu ne, babu ƙugiya, ma'anarsa ta dace da sabulu ba tare da ta bayyana shi kai tsaye ba. Mai Faransanci zai haɗiye h ɗin farko, kuma yana iya haɗiye wasalin ƙarshe, shi ya sa a Nijar ake ɗora masa alama a rubuta Haské. Wannan gyara ne mai sauƙi. Abin da ya rage shi ne ta tabbatar masu saye ba za su ɗauka man bilicin ba ne, sannan ta bincika ko wani bai riga ta ba, domin kalma mai farin jini irin wannan da wuya a ce ba a taɓa ɗora ta a kan wata haja ba.

Gwajin kansa ba ya buƙatar kamfanin ƙwararru, ko da yake manyan kamfanoni biya suke yi a yi musu. A kowane harshe ta nemi aƙalla mutum uku da suka tashi da shi kuma suke zaune cikinsa yanzu, ba wanda ya bar gida shekara ashirin ba, domin zagi yana sabuntawa. A samu namiji da mace, a samu matashi da dattijo. Ta rubuta sunan a takarda ta miƙa ba tare da ta furta ba, ta saurari yadda zai fito daga bakinsu. Wasu kuma ta faɗa musu ta waya, ta ce su rubuta abin da suka ji. Kada ta fara faɗin cewa sabulu ne. Ta tambaya me sunan ya tuna musu, sai daga baya ta bayyana hajar ta sake tambaya. Kuma ta kalli fuska fiye da yadda take sauraron baki. A al'adunmu da na maƙwabtanmu, saurayi ba zai dubi babbar mace ya gaya mata cewa sunan da ta zaɓa batsa ne ba, zai dai sunkuyar da kai ya ce yana da kyau. Wannan sunkuyawar ita ce amsar. Shi ya sa ya fi kyau sa'a ya tambayi sa'ansa, mace ta tambayi mace, kuma a fito fili a ce: ko akwai yadda 'yan tasha za su juya wannan suna su yi dariya?

Idan za a rubuta sunan da baƙaƙen Larabci, wannan ma gwaji ne na daban, har da siffar tambarin. A 1997 Nike ta janye dubban takalma daga kasuwa bayan Musulmi sun koka cewa wani zane mai kama da harshen wuta a bayan takalmin ya yi kama da sunan Allah. Masu zanen kalmar Turanci suka rubuta, amma idon da ya saba da Larabci daga dama yake karatu.

Sai rajista, inda 'yan kasuwarmu da yawa suke ruɗewa. Takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sunan kasuwancinka take karewa, ba sunan da ke jikin haja ba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja, kuma ana yin sa ne aji-aji. Tsarin da duniya take bi ya raba kayayyaki da ayyuka zuwa aji 45, sabulun wanka yana aji na 3. Rajistar Najeriya ba ta tsallaka iyaka. Ga Nijar da Kamaru da Chadi akwai sauƙi, domin suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take aiki a ƙasashe 17. Wanda ya yi jinkiri yana iya tarar da cewa dillalinsa na can ya riga ya yi rajistar sunan da sunan kansa.

Duk da wannan taka-tsantsan, akwai abin da ba a iya hangowa. Kamfanin Tata na Indiya ya gama shirin fitar da wata ƙaramar mota mai suna Zica, an yi talla, an buga takardu. Ana cikin haka cutar Zika ta bazu a Kudancin Amurka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a farkon Fabrairun 2016. Furucin sunayen biyu ɗaya ne. Kamfanin ya nuna motar a bajekolin Delhi da tsohon sunan saboda lokaci ya ƙure, sannan ya ba jama'a sunaye uku su zaɓa, aka tsaya a kan Tiago. Ƙaramar 'yar kasuwa ba ta da aljihun Tata. Abin da za ta iya shi ne ta ajiye suna na biyu da ya tsallake gwaji, kuma a zagayen farko ta buga leda da kwali kaɗan, ta aika katan biyu ko uku kowane gari, ta jira ta ji sunan da masu kanti da yaran shago suke kiran sabulun da shi kafin ta ba da odar dubbai.